Jarka uku, kula ɗaya: abin da ya faru a rumfar wata mai garau-garau a tasha

A wata tashar mota da ke cikin Kano akwai wata dattijuwa mai sayar da shinkafa da wake da mai da yaji, ga miya ga soyayyen kifi ga ɗan salak ga mai so. Kowa Inna yake ce mata, tun daga direbobi har 'yan kamasho, ni ma haka zan kira ta a nan. Ta shekara da yawa a wurin ba a taɓa jin kanta da kowa ba, sai a wani watan Afrilu yaran mota uku suka ci abincinta bayan la'asar, kafin isha'i dukansu suna ta kwara amai. Washegari tasha ta ɗauka cewa kwalara ta shigo. Ba a ga laifin masu tsoron ba, don ba a manta da 2021 ba, shekarar da aka ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Kano da Jigawa da Bauci kuma suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Shugabannin tasha suka ce ko dai a gyara ko ta tashi. Ni aikin duba-gari na yi shekara da shekaru, shi ya sa ɗaya daga cikinsu ya roƙe ni in zo in duba kafin a yanke mata hukunci.

Da na isa, kowa ya riga ya kama mai laifi. Ƙuda ne. Gaskiya kuwa rumfar ta cika da su, suna kan benci, suna kan tsumman da aka rufe kifi da shi, sun yi baƙi a bayan rumfa inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Inna ma ta yarda da haka. Ta ce, “Malam, lokacin mangwaro ne, ga zafi, ga ruwa ya yi tsada. Jarka uku nake iya saye a wuni, da ita zan dafa, da ita zan wanke. Ƙuda kuwa ai ba ni na halicce shi ba.”

Ban musa mata ba, amma labarin yaran bai yi kama da aikin ƙuda ba. Na zauna da biyu daga cikinsu na tambaye su dalla-dalla. Sun ci wajen ƙarfe huɗu da rabi, aman ya fara kafin bakwai. Babu zazzaɓi, gudawar ma kaɗan ce ga mutum ɗaya, da safe kuma duk sun koma bakin aiki. Waɗanda suka ci da hantsi da azahar, kuma su ne mafi yawa, ko ciwon ciki babu wanda ya yi. Cututtukan da ƙuda ke kwasowa daga bayan gida, irin su atuni da taifot, ba sa bayyana cikin awa biyu. Atuni yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, taifot kuwa mako ɗaya zuwa biyu ko fiye. Kwalara kuma gudawa ce tsululu kamar ruwan shinkafa, mai tsotse mutum, ba ta barin yaro ya tashi da safe ya hau bayan mota yana kiran fasinja. Amai mai saurin zuwa, mai saurin wucewa, bayan cin shinkafa, ya fi nuna guba ce da ta riga ta taru a cikin abincin tun kafin a ci.

Sai na tambaye ta yadda take yi da ragowar abinci. Ta ce ba ta zubarwa, zunubi ne kuma asara ce. Abin da ya rage takan kai gida a kula, ta juye a roba ta rufe, da asuba ta yi ɗumamensa sosai har ya yi turiri, ta zuba a ƙasan kula, sannan ta juye sabuwar dahuwa a kai. A ranar da abin ya faru ragowar ta yi yawa, don jiyan kasuwa ba ta yi ba. Nan zancen ya fito fili. Wanda ya ci da rana daga sama aka ɗebar masa, sabuwa ya ci. Wanda ya zo bayan la'asar shi ya tarar da gindin kula.

Akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira basilas siriyas, tana cikin ƙasa, tana zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona. Tana da wani irin ƙoƙo da take shiga ta lafe, wanda tafasa ba ta kashe shi. Idan shinkafa ta dahu ta huce, aka bar ta a ɗumin ɗaki, sai ta farka ta shiga hayayyafa, tana zubar da guba. Daren bazara a Kano, a cikin ɗakin kwano, shi ne daidai ɗumin da take so. Abin da ya sa wannan ya fi sauran haɗari ga mai abinci shi ne gubar ba ta jin wuta. Ɗumame zai kashe ƙwayar, amma gubar tana nan daram, kuma shinkafar ba lallai ta yi wari ko yauƙi ba. Inna ta rantse ta ɗanɗana da safe ba ta ji komai ba, na kuma yarda da ita. Hanci da harshe ba sa gane wannan.

Na dawo washegari da ma'aunin zafi irin wanda ake cusawa cikin abinci, na wuni a rumfar. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana koyarwa ita ce dafaffen abinci ya zauna sama da digiri 60 ko ƙasa da digiri 5, kada kuma ya wuce awa biyu a tsakanin nan. Inna ba ta da firji, saboda haka zafi kaɗai ya rage mata. Tana gama dahuwa a gida wajen takwas na safe. Ƙarfe tara na auna tsakiyar kula na samu 78. Da sha biyu ya sauko 61, da biyu 50, da huɗu 42, a gefe-gefe kuwa bai kai 40 ba. Kula ba ta ƙara zafi, riƙewa kawai take yi, kuma riƙonta yana tafiya da yawan abin da ke ciki. Cikakkiyar kula takan jure, amma da ta koma rabi, ana buɗewa ana rufewa sau hamsin, sai ta zama ɗakin ƙyanƙyasa. A irin wannan ɗumi wasu ƙwayoyin kan ninka duk minti ashirin. Awa huɗu ninki goma sha biyu ke nan, ƙwaya ɗaya ta zama 4,096. Murfin da ke hana ƙuda shiga bai hana wannan ba, sai ma ya sa hankalin kowa ya kwanta.

Miyar ba ta da wannan matsala, don a kan kurfoti take tun safe tana ɓararraka a hankali, duk lokacin da na auna tana sama da 70. Wannan ya nuna mini maganin yana nan a rumfar, shinkafar ce kawai ba a yi mata gatan da aka yi wa miya ba.

Gyaran farko bai ci ko kofin ruwa ba. Muka yi da ita cewa ragowar shinkafa ba za ta ƙara kwana ta dawo tasha ba. Abin da ya rage da magariba a ci a gida a daren da zafinsa, ko a yi sadaka da shi nan take. Na biyu, a raba dahuwa gida biyu. Maimakon kwano huɗu na shinkafa da biyu na wake a tashi ɗaya, ta dafa kashi biyu cikin uku da safe, sauran 'yarta ta ɗora a tasha wajen sha biyu da rabi. Waken ne mai cin lokaci da gawayi, don haka akan dafa shi duka da safe, a bar kason rana a ƙaramar tukunya a gefen garwashi yana zafi, da rana shinkafa kaɗai za a zuba. Na uku, da zarar kula ta sauko ƙasa da rabi, a juye abin da ke ciki a tukunya, a yayyafa ruwa kamar rabin kofi, a rufe a ɗora a kan garwashin da aka lulluɓe da toka. Ƙanzo zai ɗan kama, amma a tasha ƙanzo ma da masu nemansa. Ta kuma koyi ɗauraye kula da tafasasshen ruwa kafin a zuba abinci, wanda ke sa kula ta fara aiki da zafinta maimakon ta sha na shinkafar. Wannan ruwan ba ya ɓata, bahon wanke-wanke yake tafiya.

Ma'aunin zafi nawa ne, ba zan bar mata shi ba, sai muka nemi alamar da za ta iya dogara da ita. Turiri ba abin amincewa ba ne a watan Afrilu, don iska ta bushe kuma ta yi zafi, abinci na iya kaiwa 60 ba a ga hayaƙinsa sosai ba. Muka gwada da farantin silba: idan aka zuba ludayi biyu aka ɗora gindin farantin a tafin hannu, in mutum ya kasa riƙewa har ya ƙirga biyar, to ana nan lafiya. Hannun mai girki ya saba da wuta, shi ya sa na ce hannun 'yar za a yi amfani da shi, ba nata ba. Gwaji ne na kusa-kusa, don haka muka haɗa shi da agogo, wato kiran salla. Abin da aka zuba a kula da safe kada ya ji kiran azahar a cikinta, na rana kuma ya koma kan garwashi da an kira la'asar.

Sai maganar ruwa, inda na fi daɗewa, don a nan ƙudan suke. Jarka uku masu lita 25, lita 75 ke nan. Na bi yadda take kashe su. Wajen lita 30 na tafiya a wankin shinkafa da wake da dahuwa da miya, wannan ba abin taɓawa ba ne. Wajen 30 kuma a babban baho ɗaya na wanke kwanuka, ana cika shi sau biyu a wuni. Sauran a robar wanke hannu da kowa ke tsomawa, da ɗan na sha. Farantai goma sha biyu gare ta, masu ci kuwa sukan kai sittin, saboda haka kowane faranti yana shiga bahon nan sau biyar ko fiye. Da ragowar shinkafa da manja da ƙayar kifi ake jefa shi. Kafin azahar ruwan ya zama kunu, kumfar omo ta mutu, maiƙo na yawo a sama. Farantin da ya fito daga ciki sai a goge shi da tsumman da ake goge benci da shi. In ruwan ya gagara, a watsa shi bayan rumfa. Wurin nan bai taɓa bushewa ba, da na tona da tsinke kuwa sai ga tsutsa.

Ƙuda ba daga nesa kawai yake zuwa ba. Macen takan zuba ƙwai ɗari ko fiye a tashi ɗaya a kan jiƙaƙƙen abin da ke ruɓa, kuma a lokacin zafi daga ƙwai zuwa ƙuda mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne. Wato Inna tana kiwon nata a bayan rumfa da ruwan da ta saya da kuɗinta. Shi kuma ba ya tauna, sai ya yi tumbiɗi a kan abinci ya narkar da shi ya tsotsa, yana yi yana kashi, ga abin da ya kwaso a ƙafafunsa daga kwata da bayan gidan tasha. Bai jawo aman yaran nan ba, amma wannan ba ya wanke shi. Shinkafa mai zafi ba ta dame ni da shi ba, don ba ya sauka a kan abu mai ƙuna. Inda yake ɓarna shi ne kifi da salak da yankakkiyar albasa da bakin faranti, abubuwan da ba za su ƙara ganin wuta ba.

Muka ajiye babban baho muka kawo ƙananan robobi uku, kowace lita huɗu. Kafin faranti ya taɓa ruwa, sai an kankare shi tas da guntun roba a cikin bokiti mai murfi. Wannan kankarar ita ce rabin aikin, domin abin da ke kashe ruwan wanki ragowar abinci ne da mai, ba yawan farantai ba. Roba ta farko ruwan ɗumi da omo, ta biyu ɗauraya, ta uku ruwa mai bilic. Na auna mata cokalin shayi ɗaya da rabi na bilic marar ƙamshi, irin wanda aka rubuta kashi 3.5 cikin ɗari a jikinsa, a lita huɗu. Faranti ya yi minti ɗaya a ciki, a kife shi a kwando ya bushe da kansa, babu tsumma. A zafin bazara minti kaɗan ya isa. Robar ta uku tana zama a inuwa, don rana na kashe ƙarfin bilic, ba a kuma shan ruwanta, ba a haɗa bilic da ruwan wanke masai.

Dabarar da ke ceton ruwa ita ce yadda ake canji. Ba a zubar da uku gaba ɗaya. In ta farko ta yi datti ita kaɗai ake zubarwa, ruwan ɗauraya ya dawo na farko a ƙara masa omo, mai bilic ya dawo na ɗauraya, sabon ruwa lita huɗu ya shiga ta uku da sabon awon bilic. Cikon farko lita 12, canji huɗu a wuni lita 16, jimla 28. Bai kai abin da baho ke sha ba, kuma kowane faranti ruwa mai tsabta ne na ƙarshen da ya taɓa shi. Ta ƙaro farantai goma sha biyu, don a lokacin cunkoson azahar a tara a wanke a natse maimakon a tsoma a fitar.

Robar wanke hannu ita ma ta tafi. Mutum talatin a ruwa ɗaya, na ƙarshe dattin ashirin da tara yake shafawa. Buta ta maye gurbinta, da sabulu a cikin ragar soso an ɗaure a jikin turken rumfa, da roba a ƙasa tana tarar ruwan. In mai zubawa ya iya, rubu'in lita ya ishi mutum: a jiƙa, a tsaya, ya cuɗa da sabulu, sannan a ɗauraye. Rabin masu ci da cokali suke ci, don haka wajen lita takwas ke tafiya a nan. Lita uku na ware wa hannun Inna da 'yarta, da sharaɗin mai karɓar kuɗi ba ita ke taɓa kifi da salak ba, kuma da cokali mai yatsu ake ɗaukar kifi. In an haɗa, 30 da 28 da 8 da 3, lita 69 ne. Shida suka rage na wanke kabeji da tumatir da kurɓar masu rumfa, masu ci kuwa dama ruwan leda suke saye. Jarka ta huɗu ba ta zama dole ba.

Duk ruwan da aka gama da shi yanzu tsohuwar jarka yake shiga ta mazurari da aka shimfiɗa wa ƙyalle, a rufe, a kai babbar kwata sau biyu a wuni. Bayan rumfa aka kankare jiƙaƙƙiyar ƙasar aka kwashe, aka zuba yashi da tokar kurfoti. Kafinta ya haɗa mata ƙaramin akwati na katako da ragar sauro, ƙofarsa na rufe kanta da guntun robar taya, kifi da salak suka koma ciki. Na fi son raga a kan leda ko murfin roba a nan, domin soyayyen kifi in aka toshe shi gumi yake yi ya lalace da wuri. Faifai kuwa yana da kyau a ido, amma a kan roba mai lanƙwasasshen baki yakan bar kafar da ƙuda ke shiga ya kasa fita. Salak ma aka daina yanka na wuni guda da safe, sai kaɗan-kaɗan, kuma ba a zuba masa komai sai za a miƙa.

Abu ɗaya na hana da babbar murya. Wani maƙwabcinta ya ba ta shawara ta riƙa yayyafa piya-piya a ƙarƙashin tebur, ya ce shi haka yake yi ƙuda ko ɗaya ba ya zuwa. Maganin ƙwarin gona ne, tururinsa yana sauka a kan abinci da faranti, yana kuma shiga ta fata da numfashi. Ƙudan da ke gudun tebur saboda shi ya fi mai tebur wayo. A madadinsa muka yanke gorar roba muka kifa bakinta ciki, muka sa kan kifi da ɗan ruwa, muka rataye taku goma sha biyar daga rumfa. Tarko kusa da abinci gayyata ce, dole ya yi nisa.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Makon farko ƙudan ba su ragu yadda take zato ba, har ta fara cewa an sa ta wahalar banza. Na ce ta ba shi mako biyu, waɗanda ke yawo yanzu an riga an haife su, kuma mai mangwaron da ke gefe yana nan da ɓawonsa. A mako na uku bambancin ya fito, ko da yake ba su ƙare ba, ba kuma za su ƙare ba muddin kwatar tasha a buɗe take. Wani direba ya yi ƙorafin farantinsa na warin asibiti, da na bincika sai na tarar 'yar ta daina awo da cokali, da ido take zubawa, kuma ba ta barin faranti ya bushe. Dahuwar rana ta ƙara mata kuɗin gawayi, wannan babu ja, sai dai ragowa ta ragu, don yanzu tana ganin yadda kasuwa ke tafiya kafin ta auna shinkafar rana. Buta kuma tana son mai zubawa, a cunkoson azahar babu hannun da ya huta, sai wasu su koma tsoma hannu a robar tarar ruwa. Daga baya aka huda murfin wata ƙaramar jarka aka rataye ta da igiya da sandar takawa, mutum ya taka ta karkato, ya zuba wa kansa.

Na koma bayan wata guda, ana dab da faɗuwar ruwan farko. Ƙarfe huɗu na yamma na cusa ma'auni a tukunyar da ke kan garwashi, ya nuna 67. Robar farko ta ɗan wuce lokacin canji, na nuna wa 'yar, ta ce ai yanzu za ta yi. Ɗaya daga cikin yaran nan uku yana zaune a benci da faranti a cinya. Inna ta dube ni ta ce, “Malam, damina fa ta zo, ruwa zai yi sauƙi, sai in koma babban bahona ko?” Na ce mata ruwan zai yi yawa amma gurɓatacce ne zai fi yawa, kwata za ta cika ta malalo, kuma a lokacin ne kwalara ta gaske ke fitowa. Robobin nan uku su zauna, ruwan 'yan garuwa kuma in ya zo da laka a bar shi ya kwanta a tace kafin a sa masa bilic, domin laka na cinye ƙarfinsa. Ta ce to, ta ɗaga murfi ta zuba wa yaron ƙari.